Yadin Ingila da Giyar Fotugal: Me Ya Sa Gwani Yake Sayen Abin da Ya Fi Kowa Iya Yi?

Duk inda aka zauna ana hirar tsadar kaya, a majalisa ko a motar haya, da wuya a tashi wani bai jefa wannan tambaya ba: don me za mu riƙa sayo abin da za mu iya yi da hannunmu? Tambaya ce ta mai hankali, kuma amsar da aka saba bayarwa ita ce, ai na waje ya fi araha. To amma akwai wata tambayar da ta fi wannan wuya. A ce ga ƙasar da Allah ya hore wa komai, ma'aikatanta sun fi na maƙwabciyarta sauri a saƙa, sun fi su a noma, sun fi su a ƙira. Shin tana da wata riba idan ta yi ciniki da wannan maƙwabciya da ta fi ta ko ta ina? Yawancin mutane za su ce babu. Amsar gaskiya ita ce akwai, kuma ana iya lissafa ta da alƙalami.

Bari mu fara daga shagon tela. Mu ƙaddara akwai wani gwanin aikin wuyan riga, wanda aikin sa'a ɗaya yake kawo masa naira 5,000. Wannan mutum tun yana yaron shago ya ƙware da guga, a sa'a ɗaya yana goge riga goma ba tare da ko layi ɗaya ya karkace ba. Yaron da ke shagonsa yanzu biyar kawai yake gogewa, kuma ana biyansa naira 1,000 a sa'a. Maigida ya fi yaro a aikin wuya, ya fi shi a guga. Duk da haka ba za ka same shi riƙe da dutsen guga ba. In ya goge riga goma da kansa, ya tsira da naira 2,000 da zai ba yaro, amma ya yi asarar naira 5,000 ta sa'ar da ya bar keke. Taura biyu ba ta taunuwa. Tsadar guga a wurin maigida ba gumin da zai yi ba ne, aikin wuyan da zai bari ne. A wurin yaro kuwa guga tana da araha ƙwarai, domin in ya bar ta babu wani aiki mai tsoka da zai kama.

Wannan shi ne zuciyar abin da masana tattalin arziki suke nufi da fifikon kwatance. Ba a tambayar wa ya fi wani iyawa. Ana tambayar wa zai bar abu mafi ƙanƙanta idan ya kama wannan aiki.

Wanda ya fitar da wannan hujja fili game da ƙasashe shi ne David Ricardo, ɗan kasuwar hannun jari a Landan, wanda daga baya ya shiga majalisar dokokin Birtaniya. Kafin shi, Adam Smith ya riga ya bayyana a 1776 cewa maigida mai hankali ba ya yin abin da sayensa ya fi sauƙi, don haka kowace ƙasa ta kama abin da ta fi sauran iyawa. Wannan a fili yake. Amma ya bar giɓi: ina makomar ƙasar da ba ta fi kowa a komai ba, da kuma wadda ta fi kowa a komai? A littafinsa na 1817 kan ƙa'idojin tattalin arziki da haraji, Ricardo ya cike giɓin da lambobi huɗu kacal. Ya ɗauki Ingila da Fotugal, da kaya biyu, yadi da giyar inabi. Mai karatu kada giyar ta dame shi. Ita ce hajar da ƙasashen biyu suka daɗe suna ciniki a kai, shi ya sa ya yi misali da ita, kuma da man ja ko dabino ne lissafin ba zai canza ba.

Ga lambobin. A Ingila, yin lodi ɗaya na yadi yana cin aikin mutum 100 na shekara guda, lodi ɗaya na giya kuma yana cin na mutum 120. A Fotugal, yadin yana cin mutum 90, giyar tana cin 80. Lura da kyau, da gangan Ricardo ya sa Fotugal ta fi Ingila a duka biyun. Har a yadin, wanda duniya ta san Ingila da shi, ya ba Fotugal rinjaye.

In babu ciniki, kuma kowace ƙasa tana bukatar lodi ɗaya na kowanne, Ingila za ta sa mutum 220 aiki, Fotugal 170. Duniyar tasu za ta tashi da lodi biyu na yadi da biyu na giya. Yanzu a ce Ingila ta bar gonakin inabi, ta tura duk mutanenta 220 masaƙa. Za su fitar da lodi biyu da kashi ɗaya cikin biyar. Fotugal ta rufe masaƙunta ta tura mutum 170 gonakin inabi, za su fitar da lodi biyu da kashi ɗaya cikin takwas. Ba a ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba, ba a ƙirƙiro sabuwar na'ura ba, amma yadi ya ƙaru, giya ma ta ƙaru.

Sai musaya. In aka yi lodi da lodi, Ingila ta ba da yadin da ya ci mata mutum 100, ta karɓi giyar da za ta ci mata 120 in da a gida ta yi. Ta tsira da aikin mutum 20. Wannan ba abin mamaki ba ne, mai rauni ya amfana da gwani. Abin lura yana ɓangaren Fotugal. Ta karɓi yadin da mutum 100 suka saƙa, alhali nata mutum 90 sun isa. A ido kamar wauta ce. Amma da me ta biya? Da giyar da ta ci mata mutum 80. Wato Fotugal tana da hanya biyu ta samun yadi. Ko ta sa mutum 90 a masaƙa, ko ta sa mutum 80 a gonar inabi ta ɗora abin da suka samu a jirgi ya dawo mata da yadi. Hanya ta biyu ta rage mata mutum 10, waɗanda za su tafi wani aikin. Bai shafe ta ba ko mutum nawa Ingila ta sa. Abin da ya shafe ta shi ne nawa ta kashe daga nata.

Daga ina ribar ta fito? Daga bambancin da ke tsakanin kayan biyu a cikin kowace ƙasa. A Ingila giya ta fi yadi cin aiki, duk lodin giya ɗaya yana lashe lodin yadi ɗaya da kashi ɗaya cikin biyar. A Fotugal akasin haka ne, lodin giya bai kai ya lashe lodin yadi ɗaya ba, kashi takwas cikin tara kawai yake ci. Muddin farashin musaya ya faɗo tsakanin waɗannan iyakoki biyu, kowa ya ci riba. In ya matsa kusa da iyakar Ingila, Fotugal ce ta kwashe kaso mai tsoka, in ya matsa ɗaya gefen Ingila ce. In ya tsallake iyaka, ɗayansu zai ce a kai kasuwa, ya koma yin abinsa a gida. Da kuma a ce Fotugal tana yin kowanne da mutum 80, Ingila kowanne da 100, to babu wata riba a musayar, duk da Fotugal ta fi ta. Fifikon da ya tashi daidai a komai ba ya haifar da ciniki.

A nan ne mai karatun da ya san kasuwa zai tsayar da ni. Ɗan kasuwar Lisbon ba ya ƙirga kawunan masaƙan Ingila, kuɗi yake dubawa. Ta yaya yadin da ya ci mutum 100 zai fi wanda ya ci mutum 90 araha? Amsar tana cikin albashi, kuma ita ce gaɓar da aka fi tsallakewa idan ana bayanin wannan batu.

Mu ƙaddara ma'aikacin Ingila yana samun fam 10 a shekara. In na Fotugal ma fam 10 yake samu, to komai na Fotugal ya fi araha, Ingila za ta sayi yadi da giya duka daga can, ba ta da abin sayarwa. Amma wannan hali ba ya ɗorewa. A zamanin Ricardo da zinariya ake biya, sai zinariya ta riƙa kwarara zuwa Fotugal, kuɗi su yawaita, masu gonaki da masu masaƙu su shiga rububin ma'aikata, albashi da farashi su tashi. A Ingila kuma kuɗi su yi ƙaranci, farashi ya sauka. A ce albashin Fotugal ya kai fam 12. Yanzu yadinta ya zama fam 1,080, na Ingila 1,000. Giyarta fam 960, ta Ingila 1,200. Ba wanda ya ba da umarni, amma masaƙin Fotugal ya ga ba zai iya gasa ba, mai gonar inabin Ingila ma haka. Kowace ƙasa ta zame zuwa inda lissafin ya nuna. A zamaninmu canjin kuɗi ne yake yin mafi yawan wannan aiki, kuɗin ƙasar da ake rububin kayanta yana ƙara daraja har sai wasu kayan nata sun yi tsada.

Abu biyu suka fito daga nan. Na farko, ƙasa tana iya fin kowa ƙarancin aiki a komai, amma ba za ta daɗe tana fin kowa araha a kuɗi a komai ba, domin gwanintarta tana komawa albashi. Masaƙin Fotugal ba masaƙin Ingila ne ya kore shi ba, mai gonar inabin garinsu ne, wanda yake iya biyan fam 12. Na biyu, ciniki bai mai da Ingila daidai da Fotugal ba. Ma'aikacinta yana nan da fam 10. Ya fi yadda yake kafin ciniki, amma bai kamo wanda ya fi shi ƙwarewa ba. Duk wanda ya ce buɗe iyaka kaɗai zai mai da matalauciyar ƙasa mai arziki, ya ɗora wa Ricardo maganar da lissafinsa bai ƙunsa ba.

Lambobin Ricardo na misali ne. Shin an taɓa ganin abin a zahiri? Wuri mafi kyau da za a duba shi ne Japan. Tun daga shekarun 1630 mahukuntanta suka rufe ƙasar, sai ɗan cinikin da aka bari da 'yan Holan da 'yan Sin ta Nagasaki. Fiye da shekara ɗari biyu Japanawa suna yin kusan duk abin da suke bukata da kansu. A 1853 jiragen yaƙin Amurka suka iso ƙarƙashin Matthew Perry, aka tilasta mata yarjejeniyoyi, a 1859 aka buɗe tashoshin ruwa irin su Yokohama. Yarjejeniyoyin sun ɗaure mata hannu, ba ta da ikon sa haraji mai nauyi a kan kayan waje. Wato ƙasa ta tashi daga rufe ruf zuwa buɗe wayam cikin ɗan lokaci, kuma an adana bayanan farashin kaya na kafin buɗewa. Wasu masana biyu, Daniel Bernhofen da John Brown, sun bi waɗannan bayanai, suka tarar da abin da hujjar ta yi hasashe. Kayan da suke da araha a Japan lokacin tana rufe, musamman siliki da ganyen shayi, su ta riƙa fitarwa. Waɗanda suke da tsada, irin su zare da yadin auduga, da ulu, da ƙarfe, da sukari, su ta riƙa shigowa da su. Lissafinsu ya nuna ƙasar a dunƙule ta ƙaru.

Kalmar "a dunƙule" ita ce ya kamata a tsaya a kai, domin a ƙarƙashinta akwai mutane. Manoman da ke kiwon tsutsar siliki sun ga alheri. Masu kaɗin auduga da hannu kuwa zaren Ingila ya kashe musu kasuwa, masaƙan siliki na Kiyoto kuma suka wayi gari ɗanyen silikin ya yi musu tsada saboda ana kwashe shi waje. A takarda, mutum 90 ɗin masaƙar Fotugal suna tashi su koma gonar inabi kamar an kwashe tsakuwa daga wannan gurbin dara zuwa wancan. A rayuwa, mutumin da ya shekara ashirin a masaƙa yana da iyali, da gidan haya, da sana'a ɗaya a hannu. Hujjar tana cewa ribar masu riba ta fi asarar masu asara, har za a iya biyan su diyya a yi saura. Ba ta ce za a biya ba. Ni a ganina duk mai kare ciniki tsakanin ƙasashe da ba ya faɗin wannan, rabin gaskiya yake faɗa.

Akwai kuma suka ta biyu, wadda ta fi nauyi. Cinikin yadi da giya tsakanin Ingila da Fotugal ba haka kawai ya tsiro ba. Yarjejeniyar Methuen ta 1703 ce ta buɗe wa ulun Ingila kasuwar Fotugal, ita kuma Ingila ta sa wa giyar Fotugal harajin da ya gaza na giyar Faransa da kashi ɗaya cikin uku. Friedrich List, Bajamushen da ya yi rubutu a 1841, ya kafa hujja da wannan yarjejeniya cewa ta durƙusar da masaƙun Fotugal. Damuwarsa ita ce, masaƙa makaranta ce, inda ake koyon injuna da haɗa su da gyara su, kuma ƙasar da ta bar ta don ribar yau tana iya rasa ta gobe. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kuma Ingila ta riga kowa shiga harkar injin.

Wannan suka tana da gaskiya a cikinta, amma ba ta rushe lissafin ba. Abin da take nunawa shi ne lambobin nan huɗu ba a dutse aka sassaƙa su ba. Japan ɗin da ta fara da sayen zaren Ingila ba ta tsaya nan ba. Da kuɗin siliki ta sayo injuna, ta tura matasa koyo, aka kafa manyan masana'antun kaɗi a Osaka daga farkon shekarun 1880. A 1933 ta wuce Birtaniya wajen fitar da yadin auduga. Ta canza fifikonta ne ta hanyar rage yawan aikin da yadi yake ci mata, kuma farkon wannan tafiya ta yi shi ne a lokacin da ba ta da ikon kare kanta da haraji.

Mu a nan mun san ɗacin wannan batu ba a littafi ba. Kano ta yi ƙarnoni tana fitar da saƙi da rini, matafiyin nan Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya ga yadda tufafinta suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna, wasu suka biyo baya, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, audugar Funtuwa da Gusau ta sami kasuwa. Yau yawancin masaƙun a rufe suke, atamfar da ta cika Kantin Kwari kuma galibi daga Sin take zuwa. Mai saye ya sami zane mai sauƙin kuɗi, wannan riba ce ta gaske ga uwar da za ta yi wa 'ya'ya biyar ɗinkin sallah. Ma'aikacin Kakuri kuma ya rasa abincinsa, kuma babu gonar inabin da take jiransa.

Amma a duba dalilin. Ba don ɗan Kaduna ya kasa saƙa ba ne. Masaƙar da ke kunna janareta da man da ta saya da tsada, tana aiki da tsofaffin injuna, tana karɓar bashi mai kuɗin ruwa mai nauyi, kowane yadi nata yana lashe dukiyar da ta fi ta abokin gasarta. Ga kuma man fetur, wanda ya taka rawar giyar Fotugal. A shekarun da kuɗinsa ya yi ta shigowa, naira ta yi ƙarfi, kayan waje suka yi araha, gyaɗa da auduga da sauran abin da muke fitarwa suka kasa gasa. An sha hana shigo da atamfa, amma hani bai taɓa lambobin ba, sai ya mai da cinikin hannun 'yan fasa-ƙwauri. Haka muka gani da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Shinkafa ta yi tsada a kasuwa, kuma cinikin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, inda dabbobi da wake suke gangarowa hatsi da kayan masana'anta suke haurawa, ya shiga wahala, alhali ciniki ne da kowane ɓangare yake cin riba a cikinsa.

Ban ce kada a taɓa kare wata masana'anta ba. Ƙasa tana iya yanke shawarar biyan tsada don ta riƙe abincinta ko maganinta a gida, ko don ta ba jaririyar masana'anta lokaci ta yi ƙwari. Amma tsada ce, kuma wani ne yake biyanta, galibi talakan da ke awo. Yadda ake gane kariya mai amfani shi ne a duba ko kuɗin yin kayan yana sauka shekara bayan shekara, har masana'antar ta fara sayarwa a waje inda babu mai kare ta. In an shekara goma ana kariya farashi bai sauka ba, to ba reno ake yi ba, ana kwasar kuɗin masu saye ne ana ba wasu 'yan tsiraru.

Saboda haka idan aka sake zuwa mana da sanarwar hana shigo da wani kaya, mu tambayi masu sanarwar wa'adin da suka ɗiba, da abin da za su yi a cikin wa'adin game da wutar lantarki a Kakuri da Sharaɗa da Bompai, da kuma tanadin da suka yi wa ma'aikacin da sana'arsa ta riga ta mutu.